Fitilar Inna da ambaliyar Maraɗi

Na shigo Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa a watan Agusta na 2019, da niyyar in yi kwana goma a gidan kawuna in koma Kano. Ban cika mako ba Nijeriya ta rufe iyakokinta, kayan da na zo saye suka maƙale, jarin ya kwanta. Kawu ya ce in zauna masa a rumfa kafin a ga abin da Allah zai yi. Zaman ke nan har yau, har da aure.

Harshe ɗaya muke yi da mutanen garin, amma baƙunta tana nan. Lissafin kuɗi ne ya fi ba ni wuya. A nan dala ita ce sefa biyar, jika kuma sefa dubu, ni kuwa na taso inda jaka take naira ɗari biyu. Watanni na yi ina juya kowane ciniki zuwa naira a zuci kafin in buɗe baki. Abin da ya sama mini wurin zama a cikin mutane shi ne sana'ar kawu. Tsofaffin ƙarafa yake saye, amma ba duka yake turawa sikeli ba. Fitilu da duwatsun guga da kayan tagulla yana ware su, domin akwai masu nemansu daga Yamai da Kano, kuma su shekarun abu suke saye. Shi ba ya karanta boko, hannu da ido ne nasa. Ni na yi sakandare, sai na zama mai karanta masa rubutun da ke jikin kaya.

A Maraɗi idan ana so a ce abu ya tsufa ƙwarai, sai a ce tun kafin ambaliya. Ana nufin ruwan 1945, wanda ya ci tsohon garin da ke kwarin Gulbi, har aka tayar da mutane aka koma tudu. Na ji wannan magana a kan fitilu da yawa, kuma yawancin masu faɗinta ba ƙarya suke nufi ba, abin da suka tashi suna ji ke nan a gida.

Wata Litinin, ranar kasuwa, wata dattijuwa daga Bagalam ta zo da jikanta, riƙe da fitilar ƙwai a ƙunshe cikin tsohon zane. Bayan gaisuwa ta ce, "Ɗan nan, ta surukata ce, da ita suka hawo tudu. An ce mini irinta tana da kuɗi."

Na ce, "Inna, ki zauna ga benci, bari in duba ta a haske."

Ban fara da tsatsa ba, domin tsatsa ba ta nuna shekaru. Fitilar da ta yi damina uku a bayan ɗaki ta fi wadda ta yi shekara sittin a rataye cikin ɗaki muni. Ban kuma dubi ƙwan ba. Ƙwai fashewa yake yi, a sayo wani a sa, don haka sunan da ke jikinsa shekarun ƙwan kaɗai yake faɗa. Wurin dubawa shi ne tankin kananzir, kafaɗarsa da murfinsa, da kuma hular sama, inda injin masana'anta ya danna rubutu a jikin ƙarfen. Na ɗiga kananzir a tsumma na goge a hankali. Ba a kusantar wurin da sanfefa ko burushin waya, saboda rubutun tudu ne ɗan kaɗan, gogawa biyu ta share shi, darajar fitilar ta bi shi.

Da baƙin ya fita sai ga zanen hannu riƙe da harshen wuta, da sunan FEUERHAND, da lamba 276. Mutane da yawa suna ɗaukar irin wannan lamba a matsayin shekara ko lissafin kwanan wata, alhali sunan samfurin ne kawai. An fara yin wannan ƙaramin samfuri tun shekarun 1930, kuma har gobe ana yin sa, don haka siffarsa ba ta raba gardama. Abin da ya raba ta ƙananan haruffa ne a gefe: W. GERMANY.

Jamus ta Yamma ba ta wanzu ba sai a 1949, ta kuma daina wanzuwa a 1990 da aka haɗe ƙasar. Kamfanin nan asalinsa a garin Beierfeld yake, wanda ya faɗa ɓangaren gabas bayan yaƙin duniya na biyu, masu shi suka ƙaura suka sake kafa masana'anta a yamma. Fitilar da ke ɗauke da wannan rubutu ba yadda za a yi ta ga ruwan 1945. Da GERMANY ne kaɗai aka rubuta, da aikin ya fi wuya, domin ana samun haka kafin a raba ƙasar da kuma bayan an haɗe ta. A nan sai a nemi wasu haruffa: D.R.P. ko D.R.G.M. alamun rajista ne na tsohuwar Jamus, suna nuna kafin yaƙin ko cikinsa, yayin da D.B.P. da D.B.G.M. na bayan 1949 ne.

Faɗa wa dattijuwa haka ba abu ne mai sauƙi ba, musamman ga baƙo. Kawu ya sha gaya mini cewa a nan ba a cewa tsoho "ba haka ba ne" kai tsaye. Sai na ce, "Inna, wannan fitila ta gaske ce, ta Jamus, ba kwaikwayo ba. Sai dai rubutun jikinta ya nuna bayan an hawo tudu aka ƙera ta. Yaushe kika fara ganinta?"

Ta yi shiru, sannan ta ce a rataye ta tarar da ita ranar da aka kawo ta gidan miji, shekarar da soja suka kifar da Diori. Wannan 1974 ke nan. Rubutu ya ba ni iyaka ta baya, maganarta ta ba ni ta gaba: an ƙera fitilar tsakanin 1949 da 1974. Ta haura shekara hamsin, ba ta kai tamanin ba. Iya abin da zan iya tsayawa a kai ke nan, kuma shi nake gaya wa mai saye. A ganina duk wanda ya kalli fitilar ƙwai ya yanke mata shekara guda cur, ba tare da an buga kwanan wata a jikinta ba, ƙiyasi yake sayarwa.

Wannan dabara ta sunan ƙasa tana aiki a kan sauran fitilun da ke zuwa mana. Mai zanen jemage da rubutun GDR daga Jamus ta Gabas take, ita ma tsakanin 1949 da 1990. Wadda ta ce CZECHOSLOVAKIA ba ta wuce 1992 ba, domin daga farkon 1993 ƙasar ta rabu biyu.

Fitilun tagulla na tebur ba su cika nuna sunan ƙasar da aka ƙera su ba, kuma a kansu na ga bambancin Maraɗi da Kano. Can kayan Ingila ne suka fi yawa, nan kuwa na Faransa, ragowar zamanin da kantunan Turawa ke sayen gyaɗa. Kafin komai sai na tabbatar tagullar ce. Ina da maganaɗisun tsohuwar lasifika a aljihu. Idan ya kama, ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. Idan bai kama ba ma magana ba ta ƙare ba, don akwai farin zubi da ake rinawa, shi ma ba ya kamawa. Sai in kife fitilar in ɗan karce ƙarƙashin gindi da bakin wuƙa: rawaya har ciki tagulla ce, fari fat kuwa rini ne. Daga nan sai ɗan maɓallin da ake murzawa lagwani ya hau, wanda a kansa maƙera suke buga sunansu. Idan na ga BREVETÉ S.G.D.G. na san kayan Faransa ne, kuma dokar da ta sa ake wannan rubutu ta yi aiki daga 1844 zuwa 1968. Tazarar tana da faɗi, amma ta isa ta raba tsohuwa da ta jiya. A kula, kan da ke riƙe lagwani kwancewa yake yi, ana iya ɗaura tsohon kai a sabon tanki. Idan kalar su biyun ba ta zo ɗaya ba, ko ana ganin sabuwar dalma tana ƙyalli a wuya, haɗi ne.

Dutsen guga shi ya taɓa cin kuɗina. A shekarata ta farko, kawu ya tafi Tibiri ta'aziyya, wani ya kawo na gawayi mai zakara a kan makullin murfi, baƙi ƙirin, na biya jika goma sha biyu. Da kawu ya dawo bai yi faɗa ba. Ya buɗe murfin ya ce in sa hanci. Warin baƙin mai ne, babu ko alamar toka a lungunan ciki. Ya shafa tafin ya ce in shafa: layukan injin wasa ƙarfe suna nan a jere. Tafin da ya yi shekaru yana bin shadda sumul yake kamar tangaran, gefunansa sun mutu, hancinsa ya ɗan cinye. Mariƙin katako na tsoho yana da ƙuna ta ƙasa inda zafi ke dukansa, yana da santsi ta sama inda hannu ke kamawa, ƙusar murfin kuma tana da wasa. Wannan kuwa da sukurori masu kan gicciye aka ɗaure mariƙinsa, irin da ba su yaɗu ba sai daga shekarun 1930, kuma nasa ko tsatsa ba su fara ba. Mai zakara har yanzu ana zuba shi, zakaran ba shaida ba ne. Haka lambar 4 ko 5 ko 6 da ke bayan ƙananan duwatsun Faransa, waɗanda ake ɗorawa a kan garwashi, girma take nufi. Da jika uku muka rabu da shi, ga wani mai wanki da guga da ke buƙatarsa don aiki.

Na yi wa Inna tayin jika takwas, na kuma gaya mata da ta kafin yaƙi ce da ta fi haka nesa. Ta juya fitilar a hannu, ta ce yanzu ta tuna, surukarta ta taɓa cewa ta farkon ruwa ya tafi da ita tare da tukwane, wannan maigida ne ya sayo da kuɗin gyaɗa. Ta ce ta fasa sayarwa, in gyara mata kawai.

Na zuba kananzir a tankin na ajiye ta a kan takarda na ɗan lokaci, ban ga ɗigo ba. Na zare tsohon lagwanin da ya ƙandare, na sa sabo, na datse bakinsa daidai da almakashi, na jira ya sha mai. Da na kunna na sauke ƙwan, wutar ta tsaya cak, ba hayaƙi. Ta miƙo dala ashirin, kawu ya ce ta bar shi. Washegari jikan ya zo da ƙwaryar fura, ya ce Inna ta ce a ba Bakano, kuma akwai wani dutsen guga a ƙarƙashin gadonta da take so in je gida in duba.