Layin Farko na Tallar Sabuwar Jaka

Kwana huɗu na yi ina ɗinka samfurin sabuwar jakarmu, amma ɗan rubutun da za a sa a ƙarƙashin hotonta sai da ya ci min yini guda. Mu huɗu ne a wurin aikin, uku na kan yanka da ɗinki, ni kuma bayan ɗinkin har wayar talla a hannuna take.

Abin da na fara rubutawa shi ne: "Muna farin cikin gabatar muku da sabuwar jakarmu ta fata zalla, ɗinkin hannu, mai inganci da ƙarko da kyan gani." Babu ƙarya a ciki, sai dai bai gaya wa kowa komai ba. A Instagram layi ɗaya ko biyu ne ke bayyana, wajen harafi 125, sauran sai mutum ya danna kafin ya gani. Ni kuwa na ɓatar da rabin wurin a kan farin cikinmu. Kalmar "inganci" kuma, har mai sayar da jakar roba da aka yi wa zanen fata ita yake rubutawa.

Sai na ajiye jakar a gabana ina lissafin abin da ya bambanta ta. Zuciyata ta fi karkata ga ɗinkin, domin nan guminmu ya zuba. Da allura biyu muke yinsa, da zare mai kakin zuma, kowace allura tana ratsa huda ɗaya daga nata ɓangaren. In zare ya tsinke a wuri guda, ɗayan yana riƙe da fatar, ba kamar ɗinkin keke ba da kan bi layi yana warwarewa. Baduku zai ji wannan ya jinjina kai. Amma mai saye ba zai ga amfaninsa ba sai bayan shekaru, ga shi bayanin yana neman jimla uku. Don haka na mayar da shi tsakiya.

Wani abokin aikina ya ce a rubuta cewa ruwa ba ya shigarta. Na ƙi. Fatar da aka jeme da sinadarin itatuwa takan sha ruwa ta yi tabo, kuma tana ƙara duhu da rana da maiƙon hannu. Alkawarin da ruwan sama na farko zai ƙaryata ba ya shiga layina.

Amsar ta fito ne daga tsofaffin saƙonnin masu saye. Tambayar da ta fi yawa a kan jakunkunanmu na baya ita ce, "Laftof ɗina zai shiga?" Dama saboda ita muka faɗaɗa wannan, muka yi wa caja aljihu daban don kada ƙarfenta ya karce murfin kwamfuta. Ga yadda rubutun ya koma:

"Laftof mai inci 14 yana shiga tsaf, caja kuma da aljihunta daban, ba ta gogar sa. Cikin jakar santimita 36 ne a faɗi, 26 a tsayi. Fatar saniya ce, ɗinkin hannu da allura biyu. A turo mana saƙo a faɗi launin da ake so, baƙi ko ruwan ƙasa."

Awon nan na jimla ta biyu yana da dalili. Inci 14 awon fuskar kwamfuta ne daga kusurwa zuwa kusurwa, bai haɗa da bakin da ya kewaye ta ba, kuma tsofaffin kwamfutoci sun fi faɗin baki da kauri. An taɓa dawo mana da wata jaka a kan haka, zif ɗin ya ƙi rufuwa. Tun daga ranar, awon ciki nake bayarwa, bayan an gama ɗinki, domin kaurin fata da bakin ɗinki suna cinye kusan santimita guda. Kafin in saki rubutun ma sai da na aro laftof biyu na zura da hannuna.

Ƙarshen rubutun ya fi sauƙin gyara. Da nakan roƙi abu huɗu a lokaci guda: a bi shafinmu, a tura wa abokai, a yi sharhi, a kira waya. Mutane sukan zaɓi mafi sauƙi, su danna alamar so su wuce. Yanzu abu ɗaya nake nema, kuma na sa launi a ciki da gangan, don mai jin nauyin fara magana ya sami abin faɗa.

Yadda nake gane layin farko ya yi aiki shi ne irin saƙon da ke shigowa. In ana ta maimaita tambayar da na ɗauka na amsa, to laifin rubutuna ne. A wannan karon saƙon farko da ya shigo cewa ya yi, "Ruwan ƙasa nake so, maratayin ana iya ƙara masa tsawo?"