Hijabin ma'aikaciyar jinya: tsafta ake nema ko wariya ce?

A nan Sakkwato hijabi ba baƙon abu ba ne. Amma ɗiyanmu da suka karanta aikin jinya, idan aiki ya kai su wani asibiti nesa da gida, akan ce musu hijabi bai dace da aiki ba, wai saboda tsafta. Abin yana ƙona min rai, domin ma'aunin da ake bi gadon Turawan mulkin mallaka ne: ƴar ƙaramar hula a kan miƙaƙƙen gashi. Shi ya sa mai kitso ma ake ce mata ba ta kintsa ba, har ta koma shafa man miƙar da gashi mai ƙona fatar kai.

Maganar tsafta gaskiya ce, amma tana da iyaka. Dogon hijabi yakan taɓa gado ko miki idan an sunkuya, ya kwashi ƙwayoyin cuta zuwa ga majinyaci na gaba. Maganinsa gajeren hijabi da za a cusa cikin wuyan riga, babu fil da zai faɗo, a sauya shi kullum a wanke. A ɗakin tiyata kuwa kowa rufe gashinsa yake yi, har likita namiji.

Ƴar'uwa, ki tambayi shugabarku cikin ladabi: wane haɗari wannan doka take karewa, kuma a rubuce take? In kin kawo gajeren hijabi aka ƙi, to ba tsafta ake nema ba. Sashe na 38 na tsarin mulki ya ba ki ƴancin addini, kuma a 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗaliban makarantun gwamnatin Legas haƙƙin sa hijabi.