Hanyar Faya, inda hazon hunturu ke tasowa

A watan Janairu na bi ɗan'uwana mai fataucin dabino daga Njamena zuwa Faya, a arewacin Chadi. Shi kasuwa ta kai shi, ni kuwa ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, kuma na daɗe ina son in taka ƙasar da ake cewa daga ita hazon hunturunmu ke fitowa. Mun shiga wata tsohuwar Landkuruza da wani dattijo Batube ke ja, mutumin da ya san hanyar tun yana yaron mota, kuma yana jin Hausa sosai.

Bayan Masakori kwalta ta ƙare mana, muka kama sawun motoci zuwa Musoro, sannan Salal. Duk wannan tafiya a cikin kwarin Bahar al-Gazal ake yin ta, wato busasshen kogin da a da yake kwashe ruwa daga Tafkin Chadi ya kai shi arewa maso gabas. Mutum zai yi zaton hamada ta fi tafki tudu, amma a nan ba haka ba ne. Tafkin Chadi yana kan tsayin kimanin mita 280 daga saman teku, ƙasan kwarin Bodele kuwa, inda wannan kogi yake ƙarewa kafin a kai Faya, bai wuce mita 160 ba, don haka gangara muke yi ba mu sani ba. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce duk wannan yanki tafki ɗaya ne, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 350,000, ya fi kashi ɗaya cikin uku na Najeriya. Bodele ne wurin da ya fi zurfi a cikinsa, shi ya sa shi ne ya riƙe ruwa har zuwa wajen shekara 1,000 da suka wuce.

Da muka wuce Kuba Olanga ƙasa ta sake kama. Jan rairayin da muka saba gani ya ragu, sai ga fili fari fat ya miƙe har iyakar gani. Na roƙi direba ya tsaya, na sauka na ɓamɓaro wani ɓawo mai faɗin tafin hannu. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma da na matsa shi da yatsa sai ya murmushe ya zama gari, ya bar min fari a hannu. Ga ƙananan bawon dodon koɗi a warwatse, ga kuma ƙashin bayan kifi da yaron mota ya tsinto min, a wurin da yau babu ko ɗigon ruwa. Wannan farar ƙasa ragowar wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani, ana ce musu dayatom. Sun rayu a tafkin, suna mutuwa ƙwansonsu na sauka ƙasa, har ya taru ya yi kaurin mitoci. Ƙwanson cike yake da ƙofofi, shi ne dalilin rashin nauyinsa.

Yawancin mutane, har da ɗalibaina, sun ɗauka daga tuddan rairayi ƙura take tashi. A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi hana fahimtar al'amarin. Ƙwayar rairayi tana da girma, daga maikiron 100 zuwa 500, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Iska ba ta iya ɗaukar irin wannan ƙwaya ta yi nisa da ita, sai dai ta gangara da ita ko ta sa ta tsalle. Ƙurar da ke tafiyar ɗaruruwan kilomita ba ta kai maikiron 20 ba, kuma ruwa ne ke tara irinta, a gindin tafki da bakin kogi da fadamar da ta ƙafe. Saboda haka duk inda ka ji an ce ƙura na tashi da yawa a Sahara, in ka bincika za ka tarar ruwa ya taɓa kwanciya a wurin.

Da yamma muka sauka a gindin wani tudu. Iska ta kwanta, taurari sun fito tas, sanyi yana shiga har ƙashi. Na ce wa direba ga alama gobe za mu samu rana mai kyau. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, wannan shirun shi nake tsoro. Tana nan sama tana gudu, sai hantsi za ta sauko. Mu tashi da asuba, kafin ƙarfe tara mu sami wurin fakewa."

Abin da ya faɗa daidai yake da abin da masana suka auna. A shekarar 2005 wata tawaga da ta haɗa da Richard Washington na Jami'ar Oxford ta kafa na'urori a Chicha, cikin wannan yanki, ta tabbatar da yadda iskar ke aiki. A hunturu nauyin iska yana ƙaruwa a kan Libiya, sai ya turo ta kudu maso yamma. A hanya ta tarar da duwatsun Tibesti ta ɓangare ɗaya, inda dutsen Emi Kusi ya kai mita 3,415, da duwatsun Ennedi ta ɗaya ɓangaren. Dole ta matsu ta bi ta tsakaninsu, matsin nan kuwa yana ƙara mata gudu, kuma bakin wannan gibi yana kallon Bodele kai tsaye. Da dare ƙasa takan huce, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi ta yi nauyi ta kwanta, ta rabu da ta sama. Ta saman, da yake babu tudu ko dutse da ke riƙe ta, sai ta ƙara wuta a tsayin 'yan ɗaruruwan mitoci. Idan rana ta fito ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta fara hawa, ta sama ta fara sauka, sai gudun da aka tara cikin dare ya faɗo ƙasa gaba ɗaya.

Haka kuwa aka yi. Wajen ƙarfe takwas da rabi muna tsaye a bayan wani ɗan tsauni, sai na ga ƙasa ta fara motsi. Da farko siraran layuka ne na rairayi da ɓarɓashin farar ƙasa suna gudu a kan fili, ba su wuce idon sawu ba. Can sai suka haɗe, suka kai gwiwa, suna bugun ƙafar wando da ƙarfi har ana jin zafinsu. Na durƙusa na rufe fuska da amawali na duba da kyau. Kowace ƙwaya takan tashi, ta yi ɗan tsalle, ta faɗo a karkace ta daki ɓawon ƙasa. Inda ta daka sai ɗan farin gari ya tashi, shi kuma ba ya komowa ƙasa, sama yake yi. Ɓarɓashin ma da ke tsalle suna karo da juna suna farfashewa, suna ƙara gari.

Wannan bugu shi ne tushen lamarin, domin gari mai laushi ba ya tashi da kansa cikin sauƙi. Ƙananan ƙwayoyi suna manne da juna, kuma suna kwance shafe da ƙasa inda iska ba ta da ƙarfi, sai an buge su suke sakin juna. Kafin a samu ƙura mai yawa sai abu uku sun haɗu: busasshiyar laka, rairayin da zai dake ta, da iskar da ta kai gudun kimanin mita 10 a daƙiƙa, wato kilomita 36 a awa. Ciyawa ko danshi ko shimfiɗar tsakuwa suna hana aikin. A Bodele babu ko ɗaya cikinsu, shi ya sa yake tayar da ƙura kusan kwana 100 a shekara, kuma ake lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ita a duniya.

Kafin ƙarfe goma ba na iya ganin motarmu daga taku ashirin. Rana ta koma farin faifai da ake iya kallo ido da ido. Muka shige mota muka ɗaga gilasai, duk da haka garin yana shigowa, ana jin sa a haƙori. Da iska ta lafa bayan azahar, yaron mota ya cire iyakilina, wato matatar iskar inji, ya bubbuga ta a jikin taya, farin gari ya zubo tuli. Direba ya ce wanda bai yi haka kullum ba a wannan hanya, injinsa ba ya kai shekara.

A zaune cikin motar na yi wa ɗan'uwana lissafin inda wannan ƙura za ta sauka. "Yaya," na ce masa, "aikin iskar nan tamkar shiƙar hatsi ne, tsaba a gindin mai shiƙa, ƙaiƙayi can nesa." A ɗauka iska ta ɗaga ƙura zuwa tsayin mita 1,000 sannan ta sake ta. Ƙwaya mai maikiron 50, wadda ta kusa kaurin gashin kai, tana sauka da gudun santimita 20 a daƙiƙa, cikin awa ɗaya da rabi ta taɓa ƙasa, ba za ta bar Chadi ba. Mai maikiron 10 tana bukatar kamar awa 35. Daga Bodele zuwa Kano ya ɗan haura kilomita 1,100, iska mai gudun kilomita 40 a awa za ta ci wannan tazara cikin awa 28 ko 30, don haka irin wannan ƙwaya ce ke sauka a kan tabarmi da gilashin mota a Maiduguri, Damagaram da Kano. Mai maikiron 2 kuwa sai ta haura wata guda ba ta sauka ba in ruwan sama bai wanke ta ba, ita ce ke kai wa Legas da Accra, wani ɓangare ya haye tekun Atlantika. Lissafin na iskar da ba ta motsi ne da ƙwaya mai nauyin yashi. Ta Bodele ta fi haka rashin nauyi, iska kuma tana ta juya ta sama da ƙasa, saboda haka takan zarce inda lissafi ya ajiye ta.

Daga nan mutum zai iya bambance ƙurar gida da baƙuwa. Idan iska na kaɗawa da ƙarfi, ƙurar ja ce ko ruwan ƙasa, tana gurzar ido, to daga gonaki da hanyoyin kusa ta tashi. Idan kuwa an wayi gari iska a kwance amma sama ta yi fari, ba a hango ƙarshen layi, jiragen sama sun kasa sauka, wannan ta yi tafiyar yini da kwana kafin ta iso. Ba dukanta ce ta Bodele ba, domin busassun kwaruruka na Nijar da sauran sassan kwarin Chadi suna ƙara nasu a hanya. Abin da ya sauka kuma ba ya ɓacewa: ƙasa mai laushi da ta lulluɓe filayen Kano da Zariya, wadda manoma ke yabo, wani kasonta iska ce ta tara shi cikin dubban shekaru.

Mun shiga Faya da la'asar, muka tarar da gonakin dabino da duwatsun da iska ta fiƙe, duk sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, kan layin da take bi. Iskar garin ma ba ta da sauƙi, tana tayar da tata ƙurar, sai dai ta fi ja da kaushi, domin ba ta riga ta ratsa farar ƙasar ba. Masu hasashen yanayi a Najeriya suna sa ido a kan rahoton wannan gari, kuma idan hukumarsu ta NiMet ta ce ƙura ta tashi a yankin Faya, mutanen Borno da Yobe da Kano suna da yini ɗaya ko biyu su tanadi takunkumi, masu ciwon asma su ajiye maganinsu kusa.