Tsayi yana shiga lissafin BMI sau biyu

Aikin auna marasa lafiya kafin su ga likita ya koya mini cewa a lissafin BMI, wato lambar da ke nuna ko nauyin mutum ya dace da tsayinsa, ba sikeli ne ke ba da wahala ba. Kowa idonsa na kan sikeli, wasu har su ajiye waya da makulli kafin su hau. Amma da an zo gwada tsayi sai a yi sako-sako, alhali nan ne lissafin ya fi saurin karkacewa.

Ga yadda ake yi:

```
BMI = nauyi (kg) ÷ (tsayi (m) × tsayi (m))
```

A ce mace ce baliga, nauyinta kilo 72, tsayinta santimita 168. Da farko a mayar da tsayin zuwa mita, wato a raba da 100, a sami 1.68. Sai a ninka wannan da kansa: 1.68 sau 1.68 ya ba da 2.8224. Daga nan a raba 72 da 2.8224, amsa ta fito 25.5. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce. Ke nan wannan baiwar Allah ta ɗan haura layin 25.

To, a ce an gwada ta da takalmi, ko an ɗora katakon awo a kan ɗaurin ɗankwali, aka rubuta 171. Santimita uku kacal aka ƙara. Amma 1.71 sau 1.71 ya zama 2.9241, in aka raba 72 da shi sai a ga 24.6. Mace ɗaya, rana ɗaya, ta koma rukunin da ake cewa lafiya lau. Kafin sikeli ya jawo irin wannan sauyin sai ya yi kuskuren kusan kilo biyu da rabi. Shi ya sa nake dagewa a cire takalmi, a haɗa dugadugai, a miƙe sosai a jikin allon awo, ido na kallon gaba, katako ya sauka a tsakar kai ya danne gashi. Idan mutum ya ce ya san tsayinsa, ina gode masa, sannan in roƙe shi mu gwada.

A wajen lissafin ma, kurakuran da nake gani a hannun masu koyo ba haɗarinsu ɗaya ba. Wanda ya manta ya bar tsayi a santimita zai ga 0.0026, nan take ya san da matsala. Wanda ya raba sau ɗaya kawai zai ga kusan 43, ya ɗaga kai ya dubi matar ya gane ba haka ba ne. Wanda yake ba ni tsoro shi ne mai ninka tsayi da biyu maimakon ya ninka shi da kansa. Shi 3.36 zai samu, amsarsa ta fito 21.4, lamba mai kyan gani wadda ba wanda zai tuhuma, ta shige cikin kati haka nan. Maganin da nake ba su mai sauƙi ne: a kalkuleta su danna 72, su raba da 1.68, su sake rabawa da 1.68. Amsa ɗaya ce, 25.5, kuma babu inda biyu za ta kutso.

Abin da na ga ya fi yi wa mutane amfani shi ne juya lissafin. Lamba 25.5 ba ta gaya wa matar komai, amma idan aka ninka 2.8224 da 18.5, aka kuma ninka da 24.9, za a ga nauyin da ya dace da tsayinta yana tsakanin kilo 52 da kilo 70. Ka ce mata, "Hajiya, kilo biyu ne kawai tsakaninki da iyakar," sai ka ga fuskarta ta saki, don wannan magana ce da za ta iya aiki da ita.

Sai dai ina kiyaye inda lambar ta tsaya. Adolphe Quetelet, masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam da ya fito da wannan rabon a shekarun 1830, yawan jama'a yake nazari, ba majinyaci ɗaya ba, kuma sunan da muke kiransa da shi yanzu Ancel Keys ne ya sa shi a 1972. Sikeli bai san bambancin tsoka da kitse da ruwa ba. Mai ɗaga ƙarfe yana iya kai 28 ba tare da tumbi ba, wanda ƙafafunsa suka kumbura kuma ruwan na iya ɓoye ramarsa. Mai juna biyu ba a yanke mata hukunci da waɗannan iyakoki. Yara ma ana yi musu lissafin iri ɗaya, amma amsar sai an kai ta jadawalin shekaru da jinsi kafin a ce wani abu. Idan lambar baligi ta faɗo kusa da layi, kamar 25.5 ɗin nan, nakan ɗauko tef in auna ƙugu, in rubuta duka biyun a kati kafin likita ya gani.