Clear data ɗaya ya cinye mini aikin dare biyu

Har yanzu in na tuna sai in ji haushin kaina. Dare biyu na yi ina gyara fuskar wayata da Nova Launcher, wato lanca, manhajar da ke sauya tsarin fuskar waya, yatsana ɗaya ya rushe komai cikin daƙiƙa uku.

Sauke lanca da mayar da ita Home app bai ba ni wahala ba. Wahalar ta fara ne da na jera manhajoji kaf, sannan na tuna da Desktop grid. Fuskar tana ɗaukar huɗu a kwance, biyar a tsaye, na mayar da ita biyar da shida. Nan take komai ya tattare ta hagu. Wijet ɗin agogo mai faɗin gida huɗu ya bar wani fili a dama kamar giɓin haƙori, sai da na danne shi na ja gefensa ya cike. Da na fara da girman gidajen, da ban yi aiki biyu ba.

Aikon kuwa, wato ƙananan hotunan manhajoji, fakitin da na ɗora ya san WhatsApp da Chrome, amma bai san manhajar bankina da ta sayen data ba. Suka tsaya da tsohon launinsu a tsakiyar farare. Ɗaya bayan ɗaya na riƙa danne su, in shiga Edit, in zaɓa musu hoto da hannu. Goma sha ɗaya na yi haka.

Rana ta uku waya ta ce wuri ya cika. Na shiga Settings ina share tarkacen manhajoji, ina yi ina hira da ƙanina. Da na iso kan lancar, maimakon Clear cache sai na taɓa Clear data. Ina komawa fuskar waya na tarar da ita fayau. Ba foldoji, ba wijet, aikon goma sha ɗayan nan duk sun koma yadda suke. Ashe duk tsarin a cikin bayanan lancar yake zaune.

Ƙanina ya leƙo ya ce, "Yaya, ba ka yi bakof ba?" Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, domin Backup yana nan cikin saitin lancar, na wuce shi ya fi sau goma.

Na sake ginawa, wannan karon girman gidaje tukuna, sai wijet, sai manhajoji. Ina gamawa na ajiye bakof, na tura kwafi Google Drive. Na ma gwada dawo da shi don in tabbatar: jeri da foldoji sun dawo daidai, wijet biyu ne suka nemi in sake ba su izini. Ƙanina dai har yau in ya ga na buɗe Settings sai ya ce in miƙo masa wayar.