Yadda muka mayar da "ya yi tsada a ido" zuwa awo da lamba

Ina da ƙaramin kamfanin zane da tsara kwalayen kaya a Agege, mu huɗu ne, kuma yawancin abin da muka zana muna kai shi Shomolu a buga, inda maɗaba'o'in Legas suka fi taruwa. A cikin shekarun da na yi ina wannan sana'a, babu maganar da na fi ji daga bakin masu kawo aiki kamar "ina so ya yi tsada a ido." Magana ce ta gaskiya, domin mai ita ya san abin da yake ji a ransa, sai dai injin bugu ba ya karɓarta. Abin da yake karɓa shi ne nauyin takarda, lambar launi da awon milimita, kuma aikina shi ne in kai maganar daga bakin mai kaya zuwa waɗannan lambobi ba tare da ta ɓata a hanya ba.

Wata Hajiya mai haɗa humra da turaren wuta ta zo mana da kwalbarta mai cin mililita 50. Ta daɗe tana sayarwa a gidajen biki da ta waya, yanzu kuma tana so kayanta su shiga kantunan Lekki, inda za a jera su kusa da turarukan ƙasashen waje. Tsohon tambarin da ke jikin kwalbar yana da launi biyar, da hoton fure, da lambobin waya uku, da salon rubutu iri huɗu. Ta ce, "Malam, ni dai ka mayar mini da shi na manya, a zuba masa ruwan gwal sosai."

Ban buɗe kwamfuta ba a ranar. Na koyi cewa idan na tambayi mutum me yake nufi da tsada, wata kalmar zai ba ni mai kama da ta farko, kamar "aji" ko "burgewa." Saboda haka na ɗauko kwalaye goma sha biyu da nake ajiyewa domin irin wannan zama, na baza su a kan tebur, na ce, "Hajiya, ki ware mini waɗanda kike ganin za ki biya kuɗi mai yawa a kansu, da waɗanda ba za ki biya ba." Ta ware uku a dama. Da muka duba su tare, sai ga shi babu ko ɗaya a cikinsu da gwal ya cika shi. Dukkansu launi ɗaya ne mai duhu, sunan kaya ɗan ƙarami a tsakiya, fili mai yawa babu komai, kuma kowane ta ɗauka sai ta murza shi da yatsa kafin ta yanke hukunci. Kwalin da ya fi kowane ruwan gwal yana cikin waɗanda ta ture hagu, har ta ce ya yi kama da kayan kasuwa. Daga nan na gane cewa tsadar da take nema tana cikin ƙarancin ado da kaurin kwali a hannu, kuma ita ma ta gani da idonta, ban tsaya gardama da ita ba.

Abin da ya biyo baya shi ne takardar ƙa'idar aiki, shafi ɗaya tak, wadda ba na fara zane sai mai kaya ya sa mata hannu. Kwalin yana da faɗin milimita 45 da tsawon 110. Muka rubuta cewa launi biyu ne kawai, baƙi da gwal, kuma gwal ɗin a kan suna kaɗai zai zauna, da faɗin milimita 22, wato kusan rabin fuskar kwalin. Babu rubutun da zai matso bakin kwali ƙasa da milimita 6. Salon rubutu biyu, ɗaya na suna, ɗaya na bayani. Lambar waya ta koma ɗaya, ita da jerin kayan haɗi da lambar rajistar hukumar NAFDAC duk suka koma baya. A wurin zaɓen salon rubutu akwai abin da ya shafe mu Hausawa musamman: da yawa daga cikin salo masu kyau ba su da ƙ da ɗ da ɓ, kuma idan aka rubuta "ƙamshi" da irinsu, manhajar kan aro harafin daga wani salo, sai ya fito ya fi 'yan uwansa kauri ko gajarta. Nakan gwada waɗannan haruffa tun kafin in nuna wa kowa salon.

Maganar gwal ita ta fi cin lokaci. Bugun yau da kullum yana haɗa tawada huɗu ne, waɗanda ake kira CMYK, kuma babu yadda za a gauraya su su ba da ƙyallin ƙarfe. Gwal ɗin da ke walƙiya a fuskar waya, idan ya sauka a takarda ta wannan hanya, ruwan ƙasa-ƙasa ne mai ɗan ɗorawa. Gwal na gaske foyil ne, wato siririn falle mai ƙyallin ƙarfe, wanda ake manna shi da zafi ta hanyar wani hatimin ƙarfe da ake sassaƙawa musamman domin aikin. Hatimin kuɗinsa daban, kuma layi mai siriri ƙwarai ba ya kamawa da kyau, don haka sai da na ƙara wa haruffan sunan kauri. Baƙin ma ba a bar shi haka ba, domin baƙar tawada ita kaɗai a fili mai faɗi takan fito kamar ta koɗe. Na rubuta haɗin `C60 M40 Y40 K100`, wato kason kowace tawada cikin ɗari, domin ya yi zurfi. Sai takardar kwali mai nauyin giram 350 a kowane murabba'in mita, da leda marar sheƙi a samanta.

A nan ne na yi kuskure, kuma samfurin gwaji ne ya cece mu. Na nemi a yi mana kwali biyar kafin a buga ɗari biyar, Hajiya ta tafi da su gida ta sa kwalabe a ciki. Bayan kwana huɗu ta dawo da su. Humra tana da maiƙo, kuma baƙi mai leda marar sheƙi yana nuna kowane sawun yatsa, har fuskar kwalin ta yi dabbare-dabbare. Ga kuma gefuna biyu da suka tsage a wurin lanƙwasa, farin cikin takardar ya leƙo, saboda ba a danna layin naɗi sosai ba kafin a naɗe kwali mai wannan kauri. Tsagewar ta maɗaba'a ce, amma zaɓen baƙi nawa ne, kuma ya kamata in tuna irin kayan da za su zauna a ciki.

Muka sake zama. Na ce, "Hajiya, duhun kike so ko baƙin kansa?" Ta ce duhun. Sai muka koma kore mai duhu, wanda bai kai baƙi tona sawun hannu ba, muka nemi ledar da ta fi jure gogayya, aka kuma ƙara a takardar ƙa'ida cewa dole a danna layin naɗi kafin a naɗe.  Samfuri na biyu ya yi mako guda a shagonta ana ɗauka ana ajiyewa, ta sa hannu a bayan ɗaya daga ciki, na kai shi Shomolu na ajiye wa mai injin a gefensa domin ya riƙa gwada launi da shi har aka gama buga ɗari biyar ɗin.