Tunin bashi a sana'ar buga takardu

Ina da ƙaramin shagon buga takardu a Fagge, cikin Kano, kuma mafi yawan masu ba mu aiki makarantu ne masu zaman kansu. Muna buga musu takardun sakamakon jarrabawa, da littattafan rasit, da fam ɗin ɗaukar ɗalibai. A wannan sana'a mu ake bari da bashi a tsakiya. Mai sayar da takarda ba ya ba ni rim ko ɗaya sai na biya, haka mai tawada, haka mai gidan mai idan babu wuta aka tayar da janareta. Amma makaranta sai an kai mata kaya take cewa a dawo bayan mako biyu.

Akwai wata makaranta da muka daɗe muna aiki da ita. A zangon da ya wuce mun buga mata takardun sakamako 1,200 da littattafan rasit 40, jimillar kuɗin naira 680,000. Sun ba da kafin alƙalami na 300,000, wanda kusan duk a takarda da tawada ya ƙare, saura 380,000 a kan za a biya bayan mako biyu. A cikin wannan sauran ne ladan yaran shago yake, da kuɗin haya, da ɗan abin da zan kira riba. Mako shida ya wuce a kan wa'adin, shiru kake ji.

Kafin in taɓa waya, nakan fara duba abin da ke hannuna. Na ɗauko takardar da ma'ajin makarantar ya sa wa hannu ranar da aka sauke kaya, na tabbata adadin ya yi daidai da na takardar neman biya. Na bi shigar kuɗi a asusun banki tun daga ranar, domin wani lokaci mai makaranta yakan turo kuɗi daga asusun matarsa ko na wani kamfaninsa, kai kuwa kana can kana jiran sunan makaranta. Na kuma tambayi yaron da ya kai kayan ko sun yi ƙorafi a kan aikin. Wannan tambayar tana da nauyi, saboda akwai mutanen da idan launi bai fito yadda suke so ba, ko an yi kuskure a sunan makaranta, ba za su faɗa maka ba, kuɗinka kawai za su riƙe. Irin wannan sai an gyara masa aiki tukuna a yi maganar kuɗi. A nan dai babu ƙorafi.

Sai batun wanda za a tuna wa. Ma'aji ne ke karɓar takarda, amma mai makaranta ne ke cewa a biya, don haka shi na rubuta wa, shi kaɗai, ba a zauren WhatsApp da muke tare da wasu masu makarantu ba. Dattijo ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, ba a aika masa yaron shago ya je karɓar bashi. Lokaci ma na zaɓa. Makon ƙarshen wata albashin malamai ne a gabansa, ko ka yi magana haƙuri kawai za ka samu. Kuɗin makaranta yana shigowa ne a makonnin farko na zango, lokacin da iyaye ke biya, don haka na jira aka dawo daga hutu da kwana goma, na tura saƙon ranar Talata da hantsi. Ga abin da na rubuta:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina fatan an koma makaranta lafiya, Allah ya ba da sa'ar zango. Alhaji, tuni nake yi a kan ragowar kuɗin takardun sakamako da rasit da muka kawo, takarda mai lamba 214, saura naira 380,000. Na san hidimar farkon zango tana da yawa, wataƙila ta shige cikin takardu, shi ya sa na sake haɗo hotonta da lambar asusunmu. Don Allah wace rana za mu sa rai? Idan biya gaba ɗaya zai yi nauyi a yanzu, a faɗa mini yadda ya fi sauƙi mu tsara. Na gode da zumunci."

Gaisuwar gajeriya ce da gangan. Idan ka yi layi biyar kana tambayar iyali da gajiya, mutum ya riga ya gane inda ka dosa, sai gaisuwar ta zama kamar ta munafunci. Na ambaci lamba da adadi saboda kada ya ce sai ya tambayi ma'aji. Na kawo masa uzuri da bakina, cewa wataƙila takarda ce ta ɓace a cikin hidima, domin ya sami hanyar amsawa ba tare da jin kunya ba. Mai jin kunyar bashi daina ɗaga waya yake yi. Ban ce ina cikin matsi ba, ban ambaci haya ko rashin lafiyar wani ba. Kuɗin haƙƙina ne, idan na mai da shi roƙo, ranar da ya ga na sauya taya a mota zai ɗauka matsin ya wuce. Ban kuma ce za a ƙara wani abu saboda jinkiri ba. Ƙari a kan bashi riba ne, addini ya hana, kuma a kasuwarmu maganar kaɗai ta isa ta raba ku.

Jimlar da ta fi aiki ita ce tambayar rana. "A taimaka a duba" amsarta "to, in sha Allahu", shi ke nan. Amma wanda aka tambaya rana dole ya faɗi rana ko ya faɗi dalili, kuma daga amsar nake gane da wa nake magana. Mai niyyar biya da kuɗi ya yanke masa yakan kira da kansa, ya faɗi abin da ya tsare shi, ya yi tayin wani abu ko kaɗan ne. Wannan a yi masa sauƙi, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mai ja da gangan kuwa yakan karanta ya yi shiru, ko ya ce ma'aji ba ya nan, gobe ma'aji ya ce Alhaji ya yi tafiya, alhali kana ganin ana sabon fenti a makaranta. Shi ba na tura masa saƙo na uku. Takawa nake yi da kaina, da takarda a hannu, in gaishe shi a ofis, in zauna har a ba ni rana.

Alhajin nan ya kira bayan la'asar. Ya ce sun gyara rufin azuzuwa biyu da iska ta yaye lokacin hutu, kuɗin ya tafi can. Muka tsaya a kan 200,000 ranar Alhamis, sauran 180,000 bayan mako uku. Da muka ajiye waya na rubuta masa abin da muka yi magana a layi biyu, da ranakun, ya amsa da "haka ne". Maganar baki tsakanin mutanen kirki ma takan sha bamban bayan wata ɗaya. Ranar Alhamis ma'aji ya turo hoton shaidar tura kuɗi, na buɗe asusun na ga sun shiga, sannan na rubuta rasit mai nuna abin da aka biya da abin da ya rage, na aika da godiya.

Kafin cikon ya zo suka nemi a buga musu fam 500. Na karɓi aikin, amma na ce wannan karon a biya kuɗinsa duka kafin mu sa takarda a inji, domin mai takarda ba ya ba ni bashi, kuma ba na son sabon lissafi ya hau kan tsoho. Alhaji ya ɗan yi dariya ya ce ya gane. Ya biya kuɗin fam a ranar, cikon 180,000 kuma ya shigo kwana huɗu bayan ranar da muka sa.